Amsa ga mai tambayar da ya ce na ja shi ya yi asara

"Oga, kai ka koyar da mu cewa in histogiram ɗin MACD ya fara gajarta to ƙarfin kasuwa ya ƙare. Na ga haka a BTC na buɗe shot, farashi ya ƙara tashi aka share ni. Ka fito ka faɗa wa mutane gaskiya, ka san abin nan kuwa ko hasashe kawai kake?"

Malam, na gode da ka zaɓi gaban jama'a maimakon ka neme ni mu biyu, Allah ya mayar maka da alheri. Asara ba daɗi. Amma kalmar "ƙare" ɗin nan taka ce, ni "raguwa" na ce, kuma duk wanda ya zauna karatu da ni shekarun nan zai shaida ban taɓa cewa a buɗe shot, wato cinikin da ake cin riba in farashi ya faɗi, don sandar histogiram ɗaya ta gajarta ba.

Tunda sanina kake tuhuma, bari mu bi lissafin. MACD ma'auni ne na ƙarfin tafiyar farashi, EMA kuma matsakaici ne da ke ba wa alƙaluman baya-bayan nan nauyi. A saitin 12, 26, 9, layin MACD shi ne EMA 12 a cire EMA 26, layin sigina kuma EMA 9 ne na shi MACD ɗin, histogiram ba komai ba ne illa tazarar da ke tsakaninsu. Gerald Appel ne ya fito da MACD, Thomas Aspray ya ƙara masa histogiram a 1986 don a hango giciyen layukan kafin ya faru. Shi layin sigina a kowane kyandir yana cinye kashi ɗaya cikin biyar na tazarar, shi ya sa lissafin tsawon sandar histogiram, wato H, yake fitowa haka:

```
H = 0.8 * (H_baya + canjin_MACD)
```

To ɗauka misali, sanda tana 100 a jadawalin 4H, wato wanda kowane kyandir ɗinsa awa huɗu ne. Kafin ta tsaya a 100 ɗin ma sai MACD ya ƙaru da 25. In da 10 kawai ya ƙaru sai ta dawo 88, ka ga ta gajarta alhali MACD hawa yake, farashin ma wataƙila yana kafa sabon sama, a TradingView koren nan mai duhu ya koma fari-fari, kuma nan ne mutane irinka suke rugawa su danna sayarwa. Direba ne ya ɗan ɗaga ƙafa daga totur, mota ba ta tsaya ba balle ta yi ribas.

Kyandir na gaba MACD bai motsa ba, sanda ta koma wajen 70. Ko zai kwana a haka sai dai ta yi ta ƙanƙancewa, 56, 45, ba za ta tsallaka sifili ba, domin giciye ba ya faruwa sai MACD ɗin kansa ya juyo ƙasa. Daga 70 ɗin hanya biyu ce. In ya sauka da 30 sanda ta zama 32, ya ƙara sauka da 50 ta faɗa wajen -14, ga giciyenka nan, kyandir uku bayan gargaɗin farko, awa 12 ke nan. In kuwa masu saye sun dawo ya ƙaru da 60, sanda ta koma 104, ba giciye ba labarinsa. Ina kyautata zaton wannan ta biyun ce ta same ka.

Abin da nake yi da gajartar shi ne in ina cikin ciniki na matso da sitof los, wato farashin da ciniki zai rufe kansa don tsayar da asara, ko na ɗebi wani abu na riba, kuma ba na ƙara saye a wurin. Shot kuwa sai na ga layin MACD ya lanƙwaso, farashi ya karya ƙasan da ya kafa na ƙarshe, kuma kyandir ya rufe. Sandar kyandir da bai rufe ba tana iya canza launi sau da yawa kafin awa huɗun su cika. A kasuwar da ke tafiyar kaguwa kuwa sandunan ƙanana ne a gindin sifili, gajartarsu ba ta nufin komai.

Ba ka faɗa mana a jadawalin minti nawa ka duba ba, ba ka faɗi lebarej nawa ka ɗora ba, wato sau nawa ka ninka jarinka da rance, kuma mutum ba ya sharewa a ɗan motsi in sitof los yana wurinsa. Wannan ɓangaren ka tsallake shi da kyau, sannu da ƙoƙari. Na kuma lura waɗanda suka fi yi maka tafi su ne masu guruf ɗin sigina na kuɗi, waɗanda ke yanko hoton jadawali daidai inda sanda ta gajarta farashi ya faɗi, sauran wuraren da ta gajarta ta sake tsawo kuwa ba mai nuna su. Su ba ka taɓa titsiye su ba, sai ni da nake koyarwa kyauta.

Ka kawo hoton cinikin da lokacin shigarka da lebarej ɗin, a gaban jama'ar nan da ka tara za mu ƙirga sandunan ɗaya bayan ɗaya.