Ga mai tambaya kan tsohuwar da ke kiran jikanta "mijina"

"Malam, ina yi wa wani fim fassarar Turanci ta ƙasan allo. Kaka ta ce wa jikanta 'mijina', na rubuta shi yadda yake, abokiyata 'yar Legas ta kalla ta ce wannan wane irin aure ne? Ya zan yi?"

Ƙanwata, sannu da ƙoƙari. Abokiyarki ba ta yi laifi ba. Bahaushe yana jin kalmar ya san wasan kaka da jika ne, ita kuwa ba ta da wannan a kanta, sai abin da kika ba ta.

Fara da lissafin wuri. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce layi biyu, kowanne kada ya wuce harafi 42, kuma mai kallo yana karanta harafi 17 zuwa 20 a daƙiƙa. Idan tsohuwa ta ce "Mijina, yau ma ba cefane?" cikin daƙiƙa uku, abin da kike da shi bai fi harafi 60 ba. Babu filin yin bayanin al'ada, kada ma ki gwada.

Abin da nake yi shi ne, a karon farko da kalmar ta fito sai in sa jikan a cikin maganar, Turancin ya ba da ma'anar "jikan nan nawa, miji marar cefane". Daga nan mai kallo ya kama zaren. A sauran fim ɗin sai ki bar "mijina" kawai, don idan yaron ya ce "Tsohuwa, ai na yi miki kishiya", dariyar ta riga ta samu wurin zama. Amma ki kula da bakinsa a Turanci: tsokana ce, ba rashin kunya ba. Kalma ɗaya mai kaushi za ta mai da shi ɗan iska.

To, a ce ya cinye tuwonta, ta ce "Kowa ya ci ladan kuturu, sai ya yi masa aski." Nan ki leƙa maganar da ke biye kafin ki taɓa komai. Idan ba wanda ya sake ɗauko zancen, rubuta ma'anar a gajarce: ka ci nawa, sai ka yi mini aiki. Idan kuwa yaron ya ce "To kawo askar", dole kuturu da askinsa su tsaya, in ba haka ba amsarsa ta zama shirme. Ni dai ba na son a cusa karin maganar Turawa a bakin tsohuwar ƙauye, yana mai da ita malamar makaranta.

Kafin ki miƙa fayil ɗin SRT, wato wanda ke ɗauke da rubutun fassarar da lokutanta, ki zaunar da wanda ba ya jin Hausa ya kalla. Inda 'yan wasa suka yi dariya shi bai motsa ba, ki rubuta lokacin ki koma kansa.