Kafin mu aika wa mai horarwa takardar gayyata

Assalamu alaikum ƴan uwa. Na ga takardar da aka shirya don gayyato malamar da za ta koya wa matanmu haɗa sabulu. Don Allah a dakata da aika ta, saboda abin da ke ciki kawai shi ne "muna gayyatarki ki zo ki horar da mambobinmu a Daura". Da wannan ba za ta iya cewa e ko a'a ba, sai ta yi ta bugo waya tana tambaya, mako ya wuce.

A rubuta mata rana da lokaci ƙarara: Asabar, ƙarfe 10 na safe zuwa azahar, da wata ranar ta biyu idan wannan bai yi mata ba. A faɗi wurin da sunan unguwa. A faɗi adadin mahalarta, mu 30 ne, kuma yawancinmu ba mu taɓa haɗa sabulu ba, domin da haka za ta san yawan soda da man da za ta tanada, da inda za ta fara. A kuma bayyana sabulun wanki muke so ko na ruwa.

Maganar kuɗi ita muka fi jin nauyin faɗa, alhali ita ce ke sa mutum ya yanke shawara. Daga Katsina za ta taso, to wa zai biya kuɗin mota? Kayan aiki mu za mu saya ko ita? Nawa za mu ba ta na wahalarta? In babu, a faɗa mata tun yanzu.

A ƙarshe a sa lambar mutum ɗaya, a roƙe ta amsa kafin Laraba. Hajiya Sakatariya, a taimaka a gyara yau. Allah ya saka da alheri.