Wasiƙa zuwa ga Habu: yadda na shirya ekspoze na minti 20

Ngaundere, daren Lahadi

Assalamu alaikum Habu,

Ina fatan kana lafiya, da karatu, da zafin Abeshe. Mu nan Dang ruwa ake ta yi, da safe sai mutum ya nemi rigar sanyi. Na yi waya da su Inna a Garwa ranar Juma'a, kowa lafiya, sun ce in gaishe ka.

Saƙonka ya iso, na ga an ba ka ekspoze na minti 20 a gaban aji nan da mako uku, kana tambayar yadda na yi da nawa. Na ƙi amsa maka ta waya ne don maganar ta fi ƙarfin saƙon murya, kuma na san halinka, ba ka sauraron abin da ya wuce minti ɗaya.

Maudu'in da ya faɗo mini shi ne raguwar Tafkin Chadi. Na yi murna, na ce ai wannan a gida yake. Cikin kwana biyar na rubuta kalmomi 3,400 da Faransanci, na haɗa diyapo 24 da za a haska a allo. Na sa tarihin Daular Borno, na sa kafuwar hukumar kula da tafkin a 1964 a Fort-Lamy, wato Injamena ta yau, na sa rikicin Kamaru da Najeriya kan yankin Darak da hukuncin kotun duniya na 2002. Duk abin da na karanta sai da na nema masa wuri. Da na miƙe tsaye a ɗaki na kunna agogon waya na karanta da ƙarfi, sai ga minti 31. Malaminmu kuwa ya riga ya faɗa tun ranar farko cewa a minti 20 zai ɗaga hannu, ko kana tsakiyar jimla ne.

Abin da ya kamata in fara yi, wanda nake so kai ka fara da shi, shi ne auna bakina. Ka ɗauki shafi ɗaya na rubutunka, ka ƙirga kalmominsa, ka karanta a tsaye da irin muryar da za ta kai bencin baya. Kada ka karanta a zuci, ido ya fi baki sauri nesa ba kusa ba. Nawa shafin kalmomi 300 ne, ya ci minti biyu da rabi, ke nan ina faɗin kalmomi 120 a minti. Mu da muke tunani da Hausa muna magana da Faransanci ba ma gudu kamar waɗanda suka tashi da shi a gida, kuma ba abin kunya ba ne, sai dai a saka shi cikin lissafi. Daga nan na ce minti 18 zan nufa, in bar biyu don tuntuɓen harshe da canja diyapo. Minti 18 sau 120 ya ba ni 2,160. Ka ga ke nan sai na zubar da kalmomi sama da 1,200. In kuma ka lura, 3,400 a kan wannan saurin minti 28 ne da ɗoriya, amma agogo ya nuna 31. Sauran ukun sun tafi ne wajen juyawa in nuna taswira, da neman inda na tsaya a takarda. Wannan lokacin ba ya fitowa a rubutu, sai ka miƙe tsaye kake ganinsa.

Yankan ya yi mini ciwo, kamar mai rage kaya a tashar jirgin ƙasa bayan ya gama ɗauri. Abin da ya taimake ni shi ne na tilasta wa kaina faɗin ekspozen cikin jimla ɗaya, da Hausa, ga Garba abokin ɗakina wanda lissafi yake karanta. Na yi ta kame-kame kafin na samo ta: tafkin ba ƙafewa yake yi a miƙe ba, yana cika yana janyewa ne gwargwadon ruwan da kogunan Shari da Logon suka kawo masa daga kudu. Duk sakin layin da bai yi wa wannan jimlar aiki ba na cire shi. Borno ta fita, Darak ta fita, diyapo suka koma 12. Amma ban jefar da su ba, na zuba su a wani fayil daban, za ka ga amfaninsa nan gaba.

Ga yadda na raba lokacin. Gabatarwa zuwa minti 2. Inda ruwan yake fitowa zuwa minti 7, a nan na nuna cewa kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan kogin da ke shiga tafkin daga Shari da Logon ne, Komadugu Yobe kaɗan take kawowa. Farin da aka yi a shekarun 1970 da na 1984 zuwa minti 13, da yadda tafkin da ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a 1963 ya rabu gida biyu a 1973, kwarin arewa da na kudu. Sai gardamar alƙaluma zuwa minti 16, sannan rufewa. Waɗannan lambobin huɗu, 2 da 7 da 13 da 16, na rubuta su da jan biro a gefen takardata. Amfaninsu shi ne ka gane ka makara tun kana da sauran abin yi a kai. Wanda bai duba agogo ba sai a minti 19, ba abin da ya rage masa sai ya ruga da gudu a kan kammalawarsa, ita ce kuwa malami ya fi kasa kunne gare ta.

Sannan na ware diyapo ɗaya, ta goma, na sa mata alama cewa ita ce ta sadaka. Tana magana ne kan shirin Transaqua na jawo ruwa daga yankin Kogin Kongo zuwa tafkin, tana cin minti ɗaya da rabi, kuma in an tsallake ta ba wanda zai ji giɓi. Ka tabbata irin wannan diyapon tana can wajen ƙarshe. In ka sa ta a farko, za ka wuce ta kafin ka san kana bukatar zubar da ita.

Na yi gwaji sau huɗu. Na biyu ya ba ni minti 21, na ɗauki muryata a waya na saurara, na ji ina ta cewa "donc" kamar ana biyana, kuma duk inda na zo shiga sabon sashe sai in tsaya ina lalube. Sai na haddace jimlolin shiga sashe kawai, da jimla ukun farko na gabatarwa, sauran na mai da su gajerun kalmomi a kati. Na uku a gaban Garba da wasu mutum biyu, na sayi shayi da kilishi na biya su ladan zama, ya ba ni 19. Na huɗu 17 da rabi. Na tsaya a nan, don na lura na fara rera shi kamar hadda.

Yanzu tambayoyi. Kuskuren da na ga 'yan ajinmu suna yi shi ne su zauna suna tunanin tambaya a sama. Ni mutanen na kalla. Na san su wa za su zauna a ajin, na san abin da ke cin kowannensu. Akwai wani ɗan Kusiri da ya tashi a bakin Logon, na san zai ce shi da idonsa ya ga ambaliyar 2022, to ina maganar ƙafewa? Akwai wata da ba ta barin lamba ta wuce sai ta tambayi inda aka samo ta. Akwai delegen aji mai son siyasa, shi kam na san Darak zai nufa ko hukumar tafkin. Na rubuta tambayoyi goma, kuma da na buɗe fayil ɗin abubuwan da na yanke, sai na tarar amsar bakwai daga ciki tana nan kwance. Haka abin yake, inda ka yanke nan ne mai sauraro yake jin an bar rami, nan kuma zai sa yatsa. Kowace amsa na rage ta zuwa abin da zai faɗu cikin minti ɗaya, na kuma ajiye diyapo uku a bayan ta ƙarshe, ba a ganinsu sai na nema.

Tambayar da na fi ba lokaci ita ce wadda nake addu'ar kada a yi. Ka nemo taka, kowa yana da ita. Tawa ita ce maganar da ake yawan yi cewa tafkin ya ragu da kashi 90 cikin 100. Lambar tana fitowa ne in ka gwada shekarar da ya cika maƙil da shekarun fari mafi muni, kuma in ka ƙirga sararin ruwa kaɗai ka bar fadamun da ciyawa ta rufe, waɗanda ruwa ke ƙarƙashinsu. Ga kuma watan da aka ɗauki hoton tauraron ɗan'adam, don tafki marar zurfi irin wannan yana faɗaɗa sosai bayan damina ya kuma janye da rani. Da na ga nauyinta sai na ɗauke ta daga jerin tambayoyi na mai da ita sashe na uku, na faɗa da bakina kafin a tambaye ni.

Ranar kuwa, tsoro ya sa na gama gabatarwa a minti ɗaya da rabi. Sai na saki jiki a kan taswirar rabuwar tafkin, na yi ta bayanin da ban shirya ba, na iso alamar 13 agogo yana nuna 14 da rabi. Na tsallake ta goma ba wanda ya sani, na rufe a minti 19 da 'yan daƙiƙu. Tambaya ta biyu, wallahi Habu, a kan Transaqua ce. Na koma diyapon na amsa kamar da ma haka na tsara. Ɗan Kusiri ma bai ba ni kunya ba. Kowace tambaya nakan maimaita ta da ƙarfi kafin in amsa, na baya su ji, ni kuma in sami numfashi.

Ɗaya ce ta kama ni. Wata yarinya da ban taɓa jin muryarta a aji ba ta ce, tunda tafkin ba shi da kogin da ke fita daga cikinsa, kuma rana tana shanye ruwansa, me ya sa bai zama ruwan gishiri ba? Na ce mata ban shirya wannan ba, ba kuma zan ƙaga amsa ba. Malam ya karɓa ya yi bayanin cewa wani ɓangare na ruwan yana tsiyaya ta ƙarƙashin ƙasa yana tafiya da gishirin, wani gishirin kuma yana kwantawa a gefen tafkin, inda ake samun kanwa. Na sami 14 cikin 20, kuma a takardar ya rubuta cewa na cika juya wa aji baya ina kallon allo. Gwaji huɗu ban gano wannan ba, don murya kawai na ɗauka. Kai ka jingina wayar a taga ka ɗauki bidiyo.

Ka ajiye diyaponka a PDF a kan kile USB da kuma wayarka, ka buga taswira ko jadawalin da ya fi muhimmanci a takarda ko da wuta za ta ɗauke. Ka auna shafi ɗayan nan gobe, ka turo mini lambar da ka samu tare da jimlarka ɗaya da Hausa, ni kuma zan rubuto maka tambayoyi biyar mafi muni da zan iya.

Ka gaishe da Kawu da mutanen gidan da kake zaune.

Naka,
Bashiru