Askar Ockham da minti 8 na Kepler

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta sharhin da kuka buga kan yadda masana ke zaɓe tsakanin ra'i biyu, inda marubucin ya ce mafi sauƙi shi ne mafi kusa da gaskiya, ya jingina maganar ga William na Ockham, malamin ƙarni na 14. Abin ya tsaya mini a rai, domin ya bar sharaɗin da ke riƙe da wannan ƙa'ida da ake kira askar Ockham: ana fifita mai sauƙi ne idan duka biyun sun dace da abin da aka auna daidai wa daida.

A dubi abin da ya faru da masanin taurari Johannes Kepler. Ya gāji awon taurarin da wani masanin, Tycho Brahe, ya shafe shekaru yana tarawa da ido da kayan awo, tun ba a ƙirƙiro madubin hangen nesa ba. Kepler ya ɗauka cewa duniyar Mars tana tafiya ne a kan da'ira, kamar yadda magabata suka ɗauka. Ba siffar da ta fi da'ira sauƙi, domin lamba ɗaya ta isa ta faɗi girmanta. Lissafin ya yi kyau ƙwarai, sai dai a wasu wurare ya saɓa wa awon Tycho da minti 8 na kusurwa. Digiri ɗaya minti 60 ne, faɗin cikakken wata kuwa kusan minti 30, wato kuskuren bai wuce kusan rubu'in fuskar wata ba.

Da wani ne, da ya kau da kai. Abu biyu suka hana Kepler. Ya san kuskuren awon Tycho ba ya wuce kimanin minti 2, don haka ba za a ɗora wa kayan awo laifin 8 ba. Sannan saɓanin ba warwatse yake ba, a sassa sanannu na hanyar yake fitowa. Kuskuren awo yakan faɗa nan ya faɗa can, amma wanda ke komawa wuri ɗaya daga ra'in yake. Sai ya saki da'ira ya kama elifs, wato da'irar da aka ɗan matse, wadda ke buƙatar lamba biyu. Ya wallafa sakamakon a 1609.

Akwai kuma tambayar da sharhin bai yi ba: sauƙi ta wace fuska? Elifs ta fi da'ira wuyar lissafi, amma da ita aka huta da ƙananan da'irorin da ake ɗorawa kan manya don a cece tsohon ra'i. Mai ƙirga lambobin siffa zai zaɓi da'ira, mai ƙirga faci zai zaɓi elifs, kuma kowannensu zai ce askar Ockham ce a hannunsa.

Ina roƙon ku ba marubucin fili ya faɗa mana wanne daga cikin biyun yake nufi, domin ɗalibai na karanta shafin nan, kuma abin da suka gani a jarida shi suke ɗauka.

Wassalam,
Mai karanta ku a kullum