Wasiƙa zuwa ga Malam Sani, kan amsar mai sayen albasa

Anguwan Rogo, Jos

Aminina Malam Sani,

Assalamu alaikum. Ya iyali, ya zafin Sakkwato? Mu nan Jos sanyi ne ya sa mu a gaba. Na ji daɗi da ka ce mai sayayyar otal ɗin nan na Abuja ya amsa imel ɗinka kan albasa, har ya nemi ƙarin bayani. Amma don Allah ka dakata da aika kayan da ka tara: hotuna 12, takardar rajistar kamfani, da kundin nan mai shafi 30.

Ka fara duba nauyinsu. Hoton da wayar zamani ta ɗauka yakan kai megabait 3 zuwa 5, ka ga 12 sun doshi 50. Gmail kuwa 25 ne iyakarsa, kuma fayil yakan ƙara kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa idan aka shirya shi don tafiya ta imel. Wasu kamfanonin nasu ma'aunin bai ma kai haka ba, sai saƙon ya dawo maka daga Mail Delivery Subsystem. Wannan da sauƙi, tunda ka san bai isa ba. Wanda ya fi ciwo shi ne na'urar tace saƙonni ta ga manyan fayiloli daga baƙon adireshi, musamman na zip, ta jefa su cikin Spam. Kai kana nan kana jira, shi yana can yana cewa ba ka damu da cinikin ba.

Ko da ya isa, ka tuna wane ne mai karantawa. Ni da nake kai dankalin Bokkos da kabejin Farin Gada gidajen abinci a Wuse da Garki na san mutanen nan. A waya suke karatu, a tsaye a bakin sito, ana sauke kaya. Wanda ya tambaye ka albasa a kasuwa ai 'ya'ya biyu kake ɗauko masa ya duba, ba ka zazzage masa buhu a ƙafa.

Ka danna Reply a kan saƙonsa, kada ka buɗe sabo, don ya ga zancen da kuka fara. Kuma ka amsa a ranar. Duk bayanin ya kasance a jikin saƙon, misali haka:

"Ranka ya daɗe, na gode da amsarka. Jar albasa ce ta Aliero, busasshiya, mun tsince ruɓaɓɓu da ƙanana. Farashin buhu kaza ne har da kuɗin mota zuwa Abuja, kuma yana nan har Juma'a. Idan ka yi oda Litinin, kaya za su sauka Laraba in Allah ya yarda. Buhu nawa kicin ɗinku yake ci a mako, kuma manya kuke so ko matsakaita? Da na ji zan turo maka cikakken lissafi a shafi ɗaya."

Ka rubuta nauyin buhun a kilo, domin buhun Sakkwato da abin da mai otal yake kira buhu ba lallai su zo ɗaya ba, kuma a nan rigima take farawa ranar biya. Ranar da farashin zai ƙare ma kada ka bar ta, ka fi ni sanin yadda albasa take tashi cikin mako guda.

Tambayar nan ta ƙarshe ita ce ta fi komai a wurina. Wanda da gaske yake zai ba ka adadi, ko ya tambayi yadda ake biya. Wanda ya sake cewa ka turo komai da komai ba tare da ya faɗi buƙatarsa ba, galibi farashi yake tarawa don ya kwatanta da na mai kawo masa kaya. Ka ba shi farashin, ba laifi, amma kada ka kwana kana shirya masa takardu.

Hoto kuwa ɗaya ko biyu sun isa: albasar a tafin hannu don a ga girmanta, sai buhun a buɗe. Ka rage su kowanne ya koma ƙasa da megabait 1. Sauran ka zuba su a Google Drive ka ba shi mahaɗi, amma ka saita shi a kan "Anyone with the link", in ba haka ba zai danna a ce sai ya nemi izininka, kuma da wuya ya nema. Ka gwada buɗewa a wayar wani kafin ka aika. Takardar rajista da lambar asusu ka riƙe su sai sashen kuɗinsu ya nema.

In kwana uku suka wuce shiru, ka sake rubuta layi biyu a ƙarƙashin saƙon, ka ce ko zai ba ka lamba ka kira shi na minti biyar.

Ka gaishe mini da Hajiya da yara. Idan ya faɗi adadin buhunan ka sanar da ni, akwai direban da nake amfani da shi a hanyar Abuja da ya san masu ɗauko kaya daga wajenku.

Naka,
Bala