Rahoton Kwamitin Gyaran Zauren Taro: Aikin Ƙofofi

Jama'a, assalamu alaikum. An kammala gyaran zauren taronmu, kuma tun da wasu sun yi ƙorafin kuɗin da ƙofofi suka ci, ga lissafin da ya kai mu ga fasa bango.

Injiniyanmu ya yi aiki da ƙa'idar gini ta Ingila kan kariya daga gobara, wato Approved Document B. Zauren mita 24 ne tsawo, 15 faɗi. Da aka cire dandamali, saura murabba'in mita 300. Ƙa'idar tana ba mutum guda rabin murabba'in mita a zauren taro, ke nan mutum 600 idan ya cika maƙil.

A da ƙofa uku gare mu: babba mai mita 1.8, da ƙanana biyu masu santimita 90 a bangon gabas. Wajen lissafi ba a ƙirga babbar, domin ana ƙaddara cewa ita wuta ta tare. Ƙofa mai santimita 90 kuwa mutum 110 kacal aka yarda mata. Ashe shekara da shekaru muna tara ɗari shida a wurin da ƙofofinsa ba su wuce na 220 ba. Allah ne kawai Ya tsare.

Idan mutane suka haura 220, kowane mutum milimita 5 na faɗin ƙofa yake buƙata. A ninka da 600, ya ba da mita 3, ban da babbar ƙofa. Shi ya sa muka yi biyu masu mita ɗaya da rabi. Da aka kafa ta farko, sai awo ya nuna ta gaza, domin mai walda ya auna ne daga bango zuwa bango. Faɗin da ake nufi shi ne abin da ya rage bayan an buɗe ƙyaure, an cire kaurinsa da na firam. Dole aka sake ta.

Sai nisa. Inda ake zama a jeren kujeru, iyakar tafiya zuwa ƙofar fita mita 32 ce ga mai zaɓin hanya biyu, 15 ga mai hanya ɗaya. Mun jera kujeru kamar ranar biki, muka ja igiya daga kusurwar da mata ke zama, tana bin lungunan kujeru yadda ƙafa za ta bi. Mita 21 muka samu. Daga can duk ƙofofin a gefe guda suke, tazararsu ba ta kai digiri 45 ba, don haka hanya ɗaya ake ɗaukarsu: hayaƙin da ya rufe ɗaya zai rufe sauran. Muka toshe ɗaya ta gabas, muka buɗe sabuwa a yamma kusa da dandamali.

Duk ƙyauren yanzu waje suke buɗewa. Roƙonmu ga mai gadi da masu haya: kada a sa kwaɗo ko sakata muddin akwai mutane a ciki, kada kuma a ajiye babura ko kulolin abinci a bakin ƙofar yamma.