Zuwa ga aminina a Tawa, kan jarrabawar yaronka

Assalamu alaikum aminina,

Ina gajiya, ina iyali? Mu nan Yamai lafiya lau, sai zafi. Na ga saƙonka kan babban ɗanka da zai zauna jarrabawar Faransanci ta DELF B2 ga kuma raunin ido, kana tambayar takardar likitan da za a kai don a yi masa sauƙi a jarrabawar. Bara na bi wannan hanya da ƙanwata, har sai da aka maido mu gida sau ɗaya.

Takardar da muka fara kaiwa layi biyu ce: likita ya rubuta cewa yarinyar tana da matsalar gani, ya buga hatimi. Matar da ke karɓar rajista ta juya ta gaba da baya, ta ce: "Malam, to me za mu yi mata?" Na ji haushi a ranar, amma gaskiyarta. Masu jarrabawa ba magani za su bayar ba, so suke su san abin da lalurar ke hana ɗalibi yi a kan teburi.

Don haka ka kai shi wurin likitan ido, ba kowane likita ba. Bayan sunan lalurar da sakamakon awon ido, ka roƙe shi ya faɗi yadda take shafar karatu. A ta ƙanwata ya rubuta cewa ba ta iya karanta ƙananan baƙaƙe sai ta kawo takarda dab da fuska, kuma idon na gajiya da wuri. Daga nan ya ambaci buƙata ɗaya bayan ɗaya, kowace da dalilinta: tambayoyi da manyan baƙaƙe, izinin shiga da gilashin ƙara girma, da ƙarin sulusin lokaci. Wato sashen rubutu mai awa 1 ya koma awa 1 da minti 20. Abin da likita bai rubuta ba, kada ka sa rai za a ba shi ranar jarrabawa.

Takardar ta zo da sunan asibiti a kai, da sa hannu, hatimi da kwanan wata na kusa, don tsohuwar takarda takan jawo gardama. Sunan yaron kuma ya yi daidai da na katinsa harafi da harafi. In makarantarsa ta taɓa ƙara masa lokaci, karɓo shaida daga shugabanta, tana ƙara nauyi ƙwarai.

Ka miƙa komai tun ranar rajista, domin manyan baƙaƙe sai an shirya su kafin lokaci. Ka riƙe kwafi, kuma ka nemi amincewar a rubuce. "An yarda" na fatar baki ba ya kai wa mai gadin jarrabawa.

In ka karɓo takardar, turo mini hotonta in duba kafin ku miƙa. Ka gaida Hajiya da yara.

Naka,
amininka na Yamai